Tambaya, Karin Magana, Lissafi ko Ƙwarya Biyu: Da Me Za a Buɗe Jawabi?

Wani ƙanena da yake riƙe da littafin lissafin wata ƙungiyar manoma a wajejen Madarunfa ya iske ni a Maraɗi ana saura kwana uku taronsu na kaka, da takarda a hannu, ya ce: "Yaya, abin da zan faɗa duk na san shi, amma ban san da me zan fara ba." Abin da yake so ƙungiyar ta amince da shi shi ne a cire kuɗi daga asusu a sayi buhu mai ninki uku da leda a ciki mai hana iska shiga, wanda ake kira PICS, domin ajiyar wake, saboda a bara ƙwaro ya yi musu ɓarna a ma'ajiya. Taron na mutum kusan 60 ne, bayan la'asar, a ƙofar gidan maigari. Maigari da liman za su zauna a gaba, mata a kan tabarmi gefe guda, samari kuma a baya bisa baburansu, kowa da salula a hannu. Da wannan taro zan auna hanyoyin buɗe jawabi, domin jimlar buɗewa ba ta da kyau ko muni sai an san a gaban wa za a furta ta.

Kafin a zo kan zaɓi, ya kamata a san inda daƙiƙa 15 ta farkon jawabi, wadda a cikinta ake kama hankalin jama'a ko a rasa shi, take farawa a taron Hausawa. Ba wanda zai miƙe a gaban dattawa ya afka cikin magana ba tare da sallama ba, kuma wanda ya yi haka don ya burge, tun a nan ya rasa manyan wurin. Sallama ma wata dama ce, domin ita ce jimla ɗaya da kowa yake amsawa, kuma da zarar an amsa ta sai a yi ɗan shiru, idanu su juyo kan mai magana. Wannan shirun shi ne jarin mai jawabi. Yawancinmu muna ƙarar da shi wajen jero muƙamai, daga maigari zuwa wakilin wakili, sannan godiya ga waɗanda suka shirya taro, sannan neman afuwa cewa "ni ba gwanin magana ba ne". Kafin a gama, mata sun koma hirarsu, samari sun koma kan salula. Mai magana a natse, wanda yake so na baya su ji shi, kalma 30 zuwa 35 yake iya furtawa cikin daƙiƙa 15, kuma kowa yana iya gwada nasa da agogo. Saboda haka na ce wa ƙanena ya taƙaita gaisuwa a numfashi ɗaya, ya ambaci maigari da liman kawai ya haɗa sauran a "iyaye da ƴan'uwa", sannan jimlar da za ta biyo baya kada ta wuce kalma 30.

Abin da ya rubuto a takardarsa karin magana ne, kuma ban yi mamaki ba, domin ita ce ƙofar da Bahaushe ya fi sabawa da ita. Ya zaɓi "rigakafi ya fi magani". Amfanin karin magana a bayyane yake: tana nuna ladabi da sanin harshe, dattawa suna jin daɗinta, kuma sau da yawa idan mai magana ya faɗi rabinta ya tsaya, jama'a su ke ƙarasa ta. Aibinta kuma yana cikin wannan sabon. Abin da mutum ya iya ƙarasawa da kansa ba ya sa shi ya saurari abin da zai biyo baya, sai dai ya gyaɗa kai kamar yadda yake amsa gaisuwa. "Rigakafi ya fi magani" za ta buɗe taron allurar yara, ta buɗe taron gyaran magudanar ruwa, ta buɗe taron sasanta manoma da makiyaya, kuma wanda ya ji ta bai ƙaru da sanin ko a kan me aka tara shi ba. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: idan za a iya ɗauke jimlar a kai ta wani taro dabam ta zauna daram, to ba ta isa ta buɗe wannan taron ba.

Da na faɗa masa haka sai ya sake lale, ya kawo wadda ta fi dacewa da batun buhu da huda, wato "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". A ido ta yi daidai, domin ta ƙaramar kafa ƙwaro yake samun iska ya rayu. Amma na tambaye shi wa yake riƙe da makullin ma'ajiya, kuma ko zai halarci taron. Ya yi shiru, sannan ya ce dattijo ne, ƙanen mahaifin shugaban ƙungiya. Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san wannan karin magana a kan ɓaraka tsakanin mutane ake yin ta, kuma a wurin da aka yi asara, aka kuma san wanda aka damƙa wa amana, ba wanda zai ji ta a matsayin bayani kan leda. Habaici za a ɗauke ta. Hankalin jama'a zai taru, babu shakka, amma a kan fuskar dattijon nan zai taru, kuma sauran jawabin zai tafi ne wajen wanke abin da ba a yi niyyar faɗa ba. Karin magana tana zuwa da ma'anar da mutane suka riga suka ɗora mata, mai jawabi kuwa ba shi da ikon sauke ta cikin daƙiƙa 15. Inda na ga tana aiki sosai a farkon magana shi ne idan mai maganar dattijo ne da ake jiran hukuncinsa, ko kuma taron na sulhu ne da ake so a kwantar da zukata kafin a taɓa ciwo. Ga saurayi mai neman a cire kuɗi daga asusu, gara ya riƙe ta sai tsakiyar jawabi, bayan hujja ta zauna.

Hanya ta biyu ita ce tambaya, kuma tushenta yana da zurfi a wurinmu. Mai tatsuniya ba ya farawa sai ya ce "ga ta nan, ga ta nanku" an amsa masa "ta zo mu ji ta", kuma mai wa'azi idan hayaniya ta yi yawa salati yake nema a yi ga Annabi, nan take wuri ya natsu. Wanda ya buɗe baki ya amsa maka ya riga ya ba ka kunnensa. Sai dai tambayoyi iri-iri ne, kuma biyu daga ciki suna kashe taro. Ta farko ita ce wadda amsarta take a fili, kamar "wa yake son ya yi asara?", domin babba yana jin an mai da shi ɗan makaranta, sai ya ƙi amsawa, mai jawabi ya tsaya shi kaɗai da tambayarsa a hannu. Ta biyu ita ce wadda amsa ta za ta tona asiri. Da ƙanena ya ce "wanda wakensa ya lalace bara ya ɗaga hannu", da ba hannun da zai tashi, ko da rabin wurin abin ya shafa, saboda magidanci ba ya shelar asararsa a gaban surukansa da matansa. Kuma akwai batun shekaru: yaro ba ya tsare dattijo da tambaya a bainar jama'a kamar mai yi masa jarrabawa.

Tambayar da take aiki ita ce wadda kowa zai amsa a zuciyarsa ba tare da kunya ba, ko wadda take neman sanin da mai amsa yake alfahari da shi. A taron samari, ko na ɗaliban jami'a, ko na mata zalla da mace take jagoranta, tambaya ta fi kowace hanya saurin ɗumama wuri, domin ba a jin nauyin juna. A taron da ya haɗa manya da yara kuwa, sai an juya ta ta zama roƙo, an ce "a duba mana" maimakon "ku faɗa mini". Zan dawo kan wannan, domin da shi muka ƙare.

Lissafi shi ne abin da ƙanena ya fi ƙarfi a kai, tunda littafin yana hannunsa: buhu 40 suka ajiye a bara, 10 daga ciki ba su sayu ba sai a wulaƙance. Ya so ya ce sun yi asarar kashi 25 cikin 100. Wannan jimla ta takarda ce, ta dace da rahoton da za a aika wa masu ba da bashi, amma a ƙofar gidan maigari ba ta da siffar da ido zai gani. Manomi da tiya yake auna wake, da jika yake ƙirga kuɗi, saboda haka lissafin nan idan aka mai da shi harshen kasuwa sai ya zama: "Cikin kowace tiya 4 da muka ajiye bara, 1 ƙwaro muka noma wa." Wannan tana da ƙarfi, gajera ce, kuma ba za a iya kai ta wani taro ba. Ƙa'idarta ita ce lamba ɗaya tak, domin kunne ba ya riƙe lamba biyu a jere, kuma dole ne lambar ta zama ta mutanen wurin, wadda za a iya buɗe littafi a nuna. Hatsarinta shi ne gardama. A kowane taro akwai mutum ɗaya da zai ce "ba 10 ba ne, 8 ne, biyun ai ruwa ne ya taɓa su", kuma idan ya faɗi haka tun a jimlar farko, maganar ta bar batun buhu ta koma kan amincin mai riƙe da littafi. Wanda zai buɗe da lamba sai ya tabbata ba mai iya musanta ta, ko kuma ya riga ya nuna wa mai gardamar littafin tun kafin a zauna. A gaban ma'aikatan gwamnati ko ƴan kasuwa, waɗanda lissafi ne abincinsu, ita zan zaɓa ba tare da shakka ba. Haka kuma idan akwai tafinta da zai juya magana zuwa Faransanci, domin lamba tana tsallakawa lafiya, karin magana kuwa a hanya take mutuwa.

Ba'a da barkwanci ba zan daɗe a kansu ba. Wasan taubasantaka, irin na Fulani da Barebari, gado ne da Nijar take tinƙaho da shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014, kuma idan abokin wasanka yana zaune a gaba, kowa kuma ya san tsakaninku, tsokana ɗaya tana buɗe wuri da dariya. Amma dariyar ba ta kai kowa ga batun wake, kuma wanda ya fara da ita sai ya sake neman wata jimlar buɗewa bayan an gama darawa. Idan kuwa ba a dara ba, babu abin da ya fi wannan shirun nauyi.

Saura labari da kuma abin da ake nunawa, kuma su biyun dangin juna ne. Labari yana jan hankali ne saboda mai sauraro yana so ya ji ƙarshensa, amma sai an fara shi daga tsakiya. Da ƙanena ya ce "a shekarar da ta gabata, bayan mun kammala girbi, kwamiti ya zauna", da ya ƙone daƙiƙoƙinsa a shimfiɗa. Idan kuwa ya ce "ranar da muka kwance bakin buhu na farko a kasuwa, mai saye ya tura hannu ya ɗebo, ya hura, sai gari ya tashi, ya juya ya tafi bai ko taya ba", to kowa a wurin ya ga abin, domin kowa ya taɓa tsayawa a gaban mai saye. Rauninsa biyu ne. Yana neman wuri mai natsuwa, domin wanda kalmomi biyar na farko suka wuce shi saboda kukan yaro ko ƙarar babur ba zai kama zaren ba. Sannan labarin asara yana da mutane a cikinsa, kuma a ƙauye ko ba a faɗi suna ba an san da wa ake. Labarin da ya fi aminci shi ne wanda mai jawabi ne da kansa ya tafka kuskuren.

A nan ne na tambaye shi ko shi kansa ya taɓa gwada buhun da yake tallatawa. Ya ce ya gwada: waken gonarsa na bara ya raba shi, rabi a buhun da aka saba, rabi a mai ninki uku, kuma har yanzu akwai ragowar kowanne a gida. Na ce masa ai jimlar buɗewarsa tana ɗakinsa yana nemanta a takarda. Wannan buhu leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ana matse iska a ɗaure bakin kowanne dabam, ƙwaron da yake ciki ya ƙarar da ɗan iskan da ya rage, ya daina ci ya daina haihuwa, ba tare da an zuba magani ba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, tare da masu bincike na Afirka, ciki har da na cibiyar binciken noma ta INRAN a nan Maraɗi, kuma da aka fara yaɗa shi daga 2007, hanyar da aka bi ita ce a ɗaure buhu a gaban mutanen gari, bayan watanni a dawo a kwance shi a gabansu. Su ma sun san gani ya kori ji.

Abin da ake nunawa ya fi sauran hanyoyin ne a irin wannan taro saboda dalilai da suke a aikace. Ido yana kaiwa inda murya ba ta kai, don haka saurayin da yake can baya bisa babur, ko bai ji kalma ɗaya ba, zai ga an ɗaga ƙwarya biyu ya so ya san me ke ciki. Ba a gardama da shi kamar yadda ake yi da lamba, ba ya kuma nuna kowa da yatsa, tunda waken na mai magana ne. Ga wanda bai saba tsayuwa gaban jama'a ba akwai ƙarin amfani, domin idanu suna sauka daga fuskarsa su koma kan ƙwarya, hannuwansa da suke rawa kuma sun sami abin riƙewa. Iyakarsa ita ce ba kowane batu ne yake da abin ɗagawa ba, kuma dole ne bambancin ya fito fili ba sai an yi bayani ba. A babban zauren taro mai ɗaruruwan mutane ƙwayar wake ba ta ganuwa, a rediyo kuma ba ta da amfani ko kaɗan, can labari ne yake maye gurbinta. Kuma tilas abin ya zama gaskiya. Da ya ɗebo wake mai kyau daga kasuwa ya ce nasa ne, da tsohuwa ɗaya ta isa ta gane sabon wake daga na bara da ido kawai, daga nan kuma ko gaskiya ya faɗa ba mai saye.

Abin da muka tsayar shi ne haɗin abin nunawa da tambayar da aka mai da roƙo. Bayan sallama da gajerar gaisuwa, zai ɗaga ƙwarya biyu ya ce: "Wannan wake da wannan, daga gona ɗaya suka fito, rana ɗaya aka zuba su a buhu. Baba, don Allah a duba mana, wanne za a kai kasuwa?" Jimlar ba ta kai kalma 30 ba. Na sa shi ya maimaita ta a tsakar gida da ƙarfi har sau biyar ina riƙe da agogo, kuma a karon farko ya gama ta cikin daƙiƙa 8 saboda sauri, sai da na sa shi ya tsaya bayan "a buhu" ya ƙirga uku a zuciyarsa kafin ya miƙa ƙwarya. Wannan tsayawar ce ta fi ba shi wuya, domin mai fargaba yana ganin shiru kamar rami. Mun kuma yi shawara a kan wanda za a miƙa wa. Ba maigari ba, don ba a sa sarki aiki a gaban talakawansa. Dattijon nan mai riƙe da makullin ma'ajiya muka zaɓa, wanda da karin maganar ƙadangare ta soka, domin a gaban jama'a ya zama shi ne masanin da aka nemi hukuncinsa. Lissafin tiya 4 kuma muka mai da shi jimla ta biyu, mai zuwa bayan dattijon ya yi magana.

Yadda ake gane ko buɗewa ta kama ba tafi ba ne, tunda ba a tafi a irin wannan zama. Ana ganewa ne idan hirar gefe ta yanke, na baya suka matso, wani kuma ya yi tambayar da jawabin yake shirin amsawa. Idan kuwa ana ta gyaɗa kai ana cewa "haka ne, haka ne" tun ba a faɗi komai ba, ladabi ne kawai, hankali yana wani wuri, kuma abin yi shi ne a bar sauran shimfiɗa a faɗi buƙata kai tsaye.

Ban halarci taron ba, shi ya kira ni da dare. Ya ce dattijon ya karɓi ƙwarya ta farko ya juya ta, ya ɗebo ya murza a tafin hannu, ya nuna wa liman hudojin da suke jiki, sannan ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga ta biyu ya sa a haƙori ya fasa. Bai amsa tambayar ba ma, sai ya ce: "Kai yaro, wane magani ka zuba wa wannan?" Ƙanena ya ce bai zuba komai ba. Daga cikin mata wata ta ce a miƙo musu su gani, ƙwarya ta shiga zagaye, har sai da ya jira ta dawo kafin ya samu ya faɗi maganar tiya 4. Abin da bai shirya masa ba shi ne tambayar da ta biyo baya, daga wani da ya ce shi ma ya sayi irin buhun, amma ɓera ya huda masa shi, wake ya lalace. Nan ya ɗan daburce, kafin ya tuna ya ce buhun ba a ajiye shi a ƙasa ko a jingine da bango, sai a kan katako, kuma leda mai huda ko ɗaya ba ta ƙara aikin ajiyar wake. An tashi a kan za a sayi buhu 20 a gwada da rabin waken bana, sauran kuma a bar shi yadda aka saba, a kwance duka biyun a gaban kowa idan bazara ta yi.